Yaya Za a Kori Kyankyaso, Ɓera da Ƙuda Daga Kicin Ba Tare da Guba Ta Shiga Abinci Ba?

Duk sanda bidiyon ɓera yana yawo a kan kantar wani gidan abinci ya bazu, ko wani ya tsinci kyankyaso a farantinsa, maganar da ke fitowa daga bakin jama'a ɗaya ce: me ya sa ba sa feshi? Mai gidan abincin ma tunaninsa ke nan. Da dare ya yi sai ya sa a rufe ƙofa, a feshe ko'ina har wari ya turnuƙe, da safe a share gawarwaki a ce an gama. Bayan mako uku kyankyasai sun dawo, sai a ƙara ƙarfin maganin. To, ina matsalar take? Kuma maganin da aka watsa a iska, ina ya sauka?

Inda feshi yake sauka

Abin da ya fito daga bakin gwangwanin feshi ƙananan ɗigo ne da ke shawagi na ɗan lokaci, daga nan su sauka a kan duk abin da ke buɗe: allon yanka, ludayi, bakin buhun fulawa, kaskon da aka bar mai a ciki. Yawancin magungunan ƙwari sun fi narkewa a cikin maiƙo fiye da ruwa, don haka man girki da duk wani abu mai kitse su ne suka fi riƙe su. Ɗauraya da ruwa zalla ba ta fitar da su daga allon da ya sha maiƙo, kuma kada a dogara da wuta a ce dahuwa za ta kashe gubar.

Mafi haɗari shi ne a ɗauko maganin gona a shigo da shi kicin saboda an ji yana da ƙarfi. Dikulobos, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, yana cikin rukunin gubar da ke hana jijiyoyin jiki hutawa, kuma yana tashi a iska, ana shaƙarsa, yana kuma ratsa fata. Wanda ya same shi da yawa za ka ga yawu yana dalala, gumi yana keto masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ga amai da sarƙewar numfashi. Akwai kuma ƙwayoyin da ake turara rumbunan hatsi da su, waɗanda da sun ji danshi suke sakin iskar fosfin. Wannan iska tana bin kafofin bango ta shiga ɗakin da ke kusa, kuma ba ta da makari. Babu wani dalili da zai sa irin wannan ƙwaya ta kwana a ginin da ake girki ko ake barci.

Ko mazubin da aka gama amfani da shi bai zama lafiyayye ba. A watan Yulin 2013, a jihar Bihar ta Indiya, yara 'yan makaranta 23 sun rasu bayan cin abincin rana, bincike kuma ya gano maganin ƙwari na gona mai suna monokurotofos a cikin man da aka yi girkin da shi. Ina kawo wannan ne domin a kicin mai hada-hada jarka jarka ce, kuma ma'aikacin da ke sauri da asuba ba zai tsaya shinshina ta ba. Kada a juye magani a gorar ruwa ko robar mai, kada kuma mazubin magani ya koma na abinci ko an wanke shi sau goma.

Da a ce duk wannan kasada tana kawo ƙarshen ƙwarin, da an ce akwai abin da aka samu. Amma ba ta kawowa, kuma kyankyaso ne zai fi nuna mana dalili.

Kyankyason da ka gani da wanda ba ka gani ba

Kyankyasai iri biyu ne suka fi damun kicin. Babban, ja, mai kai santimita 4, yawanci daga kwata da lambatu yake hawowa, baƙo ne mai zuwa ya koma. Wanda ke zama ɗan gida shi ne ƙaramin, mai ruwan ƙasa-ƙasa da layi biyu baƙaƙe a bayan kansa, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Masana suna kiransa kyankyason Jamus, ko da yake yana ko'ina a duniya.

Macen wannan iri tana ɗauke da jakar ƙwanta a bayanta har kusan ranar ƙyanƙyasa, wajen mako huɗu, kuma kowace jaka tana da ƙwai 30 zuwa 40. A rayuwarta takan yi jaka huɗu zuwa takwas. Ɗan da ya fito yana zama babba cikin wata biyu zuwa uku, ya fi sauri in akwai ɗumi. Yawancin lokacinsu a ɓoye suke, cikin tsagar da da ƙyar katin waya zai shiga, inda bayansu da cikinsu ke taɓa bango. Mace mai ƙwai da ƙananan 'ya'ya su ne suka fi zaman ɓoye, su ne kuma feshi ba ya samu. Waɗanda ake sharewa da safe masu yawo ne. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ƙari a kan haka, yawancin feshin gwangwani yana korar kyankyaso kafin ya kashe shi. Waɗanda suka tsira sai su watse, daga bayan firij su koma ɗakin ajiya, cikin akwatin wuta, har cikin sikeli da na'urar karɓar kuɗi. Gida ɗaya ya zama biyar. Kuma a ƙasashe da yawa wannan iri ya riga ya saba da magungunan feshin da aka fi sayarwa.

Mu bi kicin ɗaya daga farko

A ce ga kicin mai murhu huɗu, firij biyu, wurin wanke-wanke, da ɗakin ajiya a gefe. Ana ganin kyankyaso har da rana, wanda alama ce cewa maɓoyarsu ta cika ta batse. Aikin farko shi ne a san inda suke, tun ba a sayi komai ba.

A samo tarkon danƙo guda goma, irin kwalin nan mai gam a ciki wanda ba shi da guba. A rubuta lamba a jikin kowanne, a ajiye su manne da bango: bayan kowane firij, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, gefen murhu, kusurwar ɗakin ajiya, kusa da kwata. Bayan kwana uku a ƙirga. A ce na bayan babban firij ya kama sittin, na ƙarƙashin famfo ashirin da biyar, sauran kuma biyu, uku, ko babu. Ka ga an gano gida biyu. A duba girman waɗanda aka kama: in ƙanana marasa fiffike sun fi yawa, maƙyanƙyasar tana nan kusa, domin ƙananan ba sa nisa.

Yanzu a ja firij ɗin, a haska tocila. Kusa da injin akwai ɗumi dare da rana. A ƙasansa akwai ɗan tire da ruwa ke taruwa. A jikin ƙarfen za ka ga baƙaƙen ɗige kamar an barbaɗa barkono, kashinsu ke nan, ga ɓawon jakunkunan ƙwai, ga wani wari mai maiƙo wanda in ka taɓa jinsa ba ka mantawa. A ƙarƙashin famfo kuma, mahaɗar bututu tana ɗiga a hankali, katakon ya jiƙe ya kumbura, an cusa kwalaye a wurin. Kwali masauki ne, domin ramukan da ke tsakanin ɓawonsa daidai jikinsu suke, kuma sau da yawa a cikinsa suka shigo daga wurin mai kawo kaya. Ya kamata a riƙa juye kaya a bakin ƙofa, kwalin ya tsaya a waje.

Kafin magani, a zuƙe abin da ake gani da injin shara mai zuƙa in akwai, a ɗaure jakar a fitar. A kankare maiƙon da ya daskare a ƙafafun murhu da gefen bango da ruwan zafi da sabulu. A gyara yoyon. Wannan gyaran famfo, a ganina, ya fi kowane magani da za a saya amfani, domin kyankyaso yana iya yin makonni babu abinci, amma ƙishirwa tana gamawa da shi cikin kwanaki. Daga wannan dare, ba a rufe kicin sai an tsane wurin wanke-wanke, an rataye tsumma da abin goge ƙasa su bushe, an fitar da shara.

Sai a zo kan maganin jel. Wannan abinci ne mai guba kaɗan a ciki, yana zuwa a sirinji, kuma ba ya tashi a iska. Ana ɗiga shi kamar girman ƙwayar shinkafa, ɗigo da yawa, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu, a cikin tsagogin da tarko ya nuna: bayan firij, maƙalar ƙofar kabad, inda bututu ya ratsa bango, ƙarƙashin kanta. Ba a sa shi a saman da abinci ke taɓawa, ko a sama da wurin yanka inda zai iya faɗowa, ko wurin da ruwan wanki zai kwashe shi. Ba ya kashewa nan take, kuma da gangan aka yi shi haka. Wanda ya ci yana komawa maɓoya ya mutu a can, ƙananan da ba sa fita su ci kashinsa da gawarsa, su ma su bi shi.

Abubuwa uku ne ke ɓata wannan aiki. In aka yi feshi a kan jel ɗin ko kusa da shi, kyankyasai za su guje shi. In aka bar maiƙo da ɓarɓashi, suna da abin da ya fi shi daɗi. Na uku shi ne daɗewa a kan iri ɗaya. Tun a 1993 masu bincike a Amurka suka bayyana wasu kyankyasan da suka daina cin irin wannan abinci saboda ƙyamar sukarin gulukos da ke ciki, wanda daga baya aka gano ɗaci yake yi musu, kuma 'ya'yansu suna gadon halin. Shi ya sa ake sauya iri bayan kamar wata uku, a duba cewa sinadarin ma ya bambanta, ba sunan kamfani kaɗai ba.

Kowane mako a sa sabbin tarkuna a wuraren da aka sa na farko, a rubuta adadi. Cikin mako biyu ya kamata sittin ɗin nan ta faɗi sosai. In a mako na huɗu aka ga ƙanana sun sake bayyana, kada hankali ya tashi, ƙwan da aka bari ne suka fashe, a sabunta jel ɗin da ya bushe ko aka cinye. In kuwa adadin bai motsa ba, ko dai akwai maɓoyar da ba a gano ba, ko ba sa cin jel ɗin, kuma duban ɗigon zai nuna wanne ne. Sai tarkuna sun yi makonni suna fitowa wayam sannan a toshe tsagogin da silikon ko siminti.

Ɓera: me ya sa ba a sa masa guba a cikin kicin

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɓera ma haka. Ƙaramin ɓeran gida yana bi ta kafar milimita 6, wato in fensir ya shige ƙarƙashin ƙofa, shi ma zai shige. Babban kuma milimita 12 zuwa sama ta ishe shi, in ta yi masa kaɗan ya faɗaɗa ta da haƙori. Tsumma, katako da soso ba sa tare shi. Ana toshewa da siminti, ko ragar ƙarfe mai ƙananan ido, ko falle na ƙarfe a gindin ƙofa, kuma kowace kwata ta samu murfin ƙarfe.

Kashinsa yana faɗin wane ne. Na ƙaramin kamar baƙar ƙwayar shinkafa yake, a warwatse, na babban ya kai santimita ɗaya zuwa biyu. Sabo yana da laushi da sheƙi, tsoho ya bushe yana murmushewa. A gindin bango za a ga wani baƙin shafi na maiƙon jikinsa, domin ɓera hanya ɗaya yake bi yana gogar bango. In ana shakka, a barbaɗa ɗan gari a ƙasa da dare, da safe sawu zai nuna inda ya fito da inda ya nufa.

Gubar ɓera da aka fi sayarwa mai hana jini daskarewa ce, kuma tana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai kafin ta kashe. A tsawon waɗannan kwanaki ɓeran yana ci gaba da hawa buhuna yana fitsari. Yana kuma da halin ɗaukar abinci ya kai maɓoya, don haka ƙwayar gubar da aka ajiye a bayan kabad tana iya ƙarewa a cikin buhun shinkafa. In ya mutu, a cikin silin ko bango zai mutu, wari ya tashi, manyan ƙudaje su samu wurin ƙwai. Wurin guba, in har za a sa, shi ne wajen gini, cikin akwati mai kulle da aka ɗaure, wanda yaro ko kyanwa ba za su iya buɗewa ba.

A ciki tarko mai ɗanawa ake sawa, da yawa a lokaci guda, gefen da abincin yake yana fuskantar bango. Ƙaramin ɓera mai son bincike ne, yakan faɗa tun daren farko. Babban yana tsoron sabon abu, shi ya sa ake barin tarkon da abinci ba a ɗana ba har dare biyu ko uku, sai ya saki jiki sannan a ɗana duka a dare ɗaya. A duba kowace safiya kafin a kunna wuta.

Kashin da aka samu kada a share shi a bushe, ƙurarsa tana ɗauke da cuta. A sa safar hannu, a jiƙa shi da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a bari minti biyar, a kwashe da takarda. Buhun da ɓera ya huda an yi asararsa, a zubar. Fitsarinsa yana yaɗa cutar da ke taɓa ƙoda da hanta, kashinsa kuma yana ɗauke da salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Abin da ke sauƙaƙa gano shi da wuri shi ne ajiye kaya a mazubai masu murfi, a kan kanta da ta ɗaga aƙalla santimita 15 daga ƙasa, da 'yar tazara daga bango yadda tocila da tsintsiya za su shiga.

Ƙuda daga shara yake tasowa

Ƙuda ba ya tauna. Yana amayo ruwan cikinsa a kan abinci ya narkar, sannan ya tsotse, ga kuma abin da ya kwaso a ƙafafunsa daga inda ya baro. Macen tana zuba ƙwai wajen ɗari a lokaci guda a kan ruɓaɓɓen abu mai danshi, su zama tsutsa cikin yini ɗaya, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne. Wannan lissafi shi ne mabuɗin. Juye kwandon shara kullum ba ya isa in ana barin ruwan da ya kwanta a gindinsa, don a nan tsutsar take. A wanke shi, a kife ya bushe, babban mazubin waje kuma ya kasance da murfi, nesa da ƙofar kicin.

Tagogi su samu raga mai ido 16 a kowane inci, ƙofa kuma mai rufe kanta. Fitilar nan mai shuɗin haske da ke ƙona ƙuda da lantarki ba ta dace da wurin girki ba, domin tana fasa ƙudan gutsattsarinsa su watsu. Wadda ke da allon danƙo a ciki ita ce daidai, ita ma ba a rataye ta a saman wurin yanka ko inda za a hango haskenta daga waje ta janyo na titi. Ƙananan ƙudajen da ke tashi daga kwata kuwa, a cikin yauƙin da ya manne a bututu suke hayayyafa. Zuba magani ko bilic yana wucewa ta samansa ne kawai, sai an sa dogon buroshi an kankare.

To, feshi ba shi da wuri ko kaɗan?

Masu gidajen abinci suna da hujjarsu. Jel da tarko suna ɗaukar makonni, mai cin abinci kuwa kyankyaso ɗaya ya gani ya tafi ke nan, ga jami'in duba-gari zai iya zuwa gobe. Mai feshi shi ma ya san cewa in bai bar wari da gawarwaki ba, za a ce bai yi aiki ba. Na fahimci matsin, amma wanda zai ci abincin bai san an yi feshi jiya ba, kuma ma'aikacin da ya buɗe ƙofa da asuba shi ne ke fara shaƙa.

Akwai lokacin da ƙwarin suka yi yawan da sai an haɗa da maganin ruwa ko na gari. A nan aikin ƙwararre ne mai lasisi, da maganin da aka rubuta a jikinsa cewa an yarda a yi amfani da shi a wurin sarrafa abinci, kuma cikin tsagogi da ramukan bango ake sa shi da siririn baki, ba a iska ba. Kafin ya fara, a fitar da abinci da kwanuka ko a rufe su ruf, a kashe murhu. Bayan ya gama, a jira lokacin da takardar maganin ta faɗa, a buɗe iska ta ratsa, a wanke duk saman da abinci ke taɓawa da sabulu a ɗauraye. Mai gidan abinci yana da haƙƙin ya ga kwalbar da idonsa, ya rubuta sunan maganin da ranar. Wanda ya zo da ruwa a gora marar rubutu ya ce haɗinsa ne na musamman, a sallame shi tun daga ƙofa.

In kuma an wayi gari an riga an yi feshi a kan abinci a buɗe, mai da gari da kayan ƙamshi da duk abin da ba a rufe ba sai zubarwa, ta yadda mutum ko dabba ba za su tsinta ba. Wanda ya fara jiri, amai ko dalalar yawu, a fitar da shi iska, a cire kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatarsa da sabulu. Kada a sa shi amai da gangan, kada a ba shi madara ko mai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, domin sunan da ke jikinta ne zai gaya wa likita makarin da zai ba shi.